Indararon Marigayi Sulle

Tun muna yara muka iske ƙa'ida a Tudun Kaya, kuma ba mu ji wani dattijo ya taɓa musa ta ba: wanda ya sha cutar abu, shi ke cin amfaninsa. Mijinyawa ne mutum na farko da ya nemi ya karya ta, kuma bai tashi karya ta a kan kowa ba sai a kan matar ƙanensa da ya rasu.

Mijinyawa da Sulle uwa ɗaya uba ɗaya suke, katanga ce kawai ta raba gidajensu. Shekarar da gyaɗa ta yi wa Mijinyawa kyau, ya gina dogon ɗakin ajiya a kan iyaka, ya rufa shi da kwano. Gangaren kwanon na gaba yana zuba a hanya, na baya kuwa ya leƙa tsakar gidan Sulle. Damina ta farko ruwan ya haƙa rami a ƙofar ɗakin Tasalla, matar Sulle, ya ci gindin madafarta har ta faɗi. Sulle ya je ya yi wa wansa magana cikin ladabi. Amsar da ya samu, mutane da yawa sun ji ta, gama a bakin masallaci aka ba da ita:

"Ni na aiko ruwan? Inda Allah ya nufa nan yake sauka."

Sulle ya juyo gida. Ya tafi kasuwar Karaye ya sayo fallayen kwano, ya lanƙwasa su ya yi dogon indararo, ya ɗaure shi da waya a ƙarƙashin bakin rufin, ya karkata shi kaɗan zuwa kusurwar gidansa. A nan ya gina tanki na siminti mai murfi. A kan tankin ya ɗora rabin duro da aka huda gindinsa, ya zuba tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, wankakken yashi a sama, sannan ya ɗaure bakin da buhu don tare ganye da karmami. Tsakanin indararo da duron ya sa guntun bututu wanda ake iya kawarwa da hannu, domin ruwan farko ba ya shiga tanki. Shi ne mai wanko ƙurar rani da kashin tsuntsaye da matattun ƙwari daga kan kwano, sai an bar shi ya zube, an ga ya yi garau, kana a mayar da bututun. Murfin kuwa ba a barinsa a buɗe, don kada sauro ya yi ƙwai, kada kuma rana ta haifar da gansakuka.

Ba ruwan sha ba ne, Sulle bai taɓa cewa shi ne ba. Amma sabulu yana kumfa a cikinsa fiye da ruwan rijiya, kuma da shi Tasalla ta raya lambu a bayan ɗakinta. Bayan rasuwar Sulle, lambun nan ne ya riƙe gidan. Kowace bazara takan yafa irin tattasai a 'yan fangaloli, ta shayar da shi da ɗan abin da ta tattala a tanki, ruwan sama na farko ya ƙara mata, har damina ta zauna ta dasa a gona, ta ba maƙwabta ragowar dashe su biya ta da hatsi. In irin nan ya mutu kafin dashe, shekararta ta mutu.

Bayan farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu, rijiyoyin unguwa suka ja baya. Kowace shekara igiyar guga sai an ƙara mata tsawo. A bazarar da nake ba da labarinta, rijiyar gidan Mijinyawa ta koma laka. Sai ga shi wata safiya, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya kafa tsani ya hau rufinsa. Ya sassauta wayoyin gefe ɗaya, ya ɗaure na ɗaya gefen, har indararon ya juya gangarensa. Ya fasa kan katanga, ya zura bakinsa cikin gidansa inda ya jera durorin da babu ko murfi.

Tasalla ta fito ta tsaya a ƙasa, ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan ta ce, "Yaya, lafiya kake kwance aikin ƙanenka?"

"Gyara nake yi."

"Gyaran da ya mayar da ruwa gidanka?"

"Kwanon wa ne, Tasalla? Ko kin taɓa jin an raba saniya da nononta?"

"Shekarun da saniyar take harbina ban ji ka ce taka ce ba."

Ya sauka ya ɗauke tsaninsa.

Da la'asar ruwa ya sauko, na farko a shekarar. Tasalla tana tsaye a ƙofar ɗaki tana jin ƙararsa a cikin durorin maƙwabcinta, ko ɗigo bai shiga tankinta ba. Shi kuma da yake haɗama ba ta jira, bai bar na farkon ya zube ba. Abin da ya tara baƙi ne, da kashin tattabarunsa da fuka-fukai a sama. Matarsa Barira ta tsoma farar riga a ciki ta fito da ita kamar an share murhu da ita. Wato bai amfana ba, ya kuma hana mai amfana. Daga nan sama ta ɗauke, rana ta buɗe kamar ba a taɓa yin ruwa ba.

Tankin Tasalla ya kusa ƙafewa. Ta koma tana ɗebo ruwa a tulu daga rijiyar bakin fadama, tafiya mai nisa ga mace mai shekarunta, tana yayyafa wa irin da tafin hannu, ta rufe shi da ciyawa. Duk da haka fangalin da ke gefen rana ya fara kwantawa. Ta kai ƙara wurin mai unguwa Barau.

Da a zamanin mahaifinsa ne, mai unguwa Shitu, da maganar ba ta kai a shimfiɗa tabarma ba. Shi ne wanda aka kawo wa rigimar tsamiyar da reshenta ya shiga gidan maƙwabci, ya ce mai share ganyen shi ke tsintar 'ya'yan. Shi ne kuma, da wani makiyayi ya kwana da shanunsa a gonar mutum bayan girbi, ya dawo yana neman kwashe taki, ya tambaye shi ko ya zo da karan da shanun suka ci. Waɗannan hukunce-hukunce kowa ya san su, an kuma tuna wa Barau su a zaman. Amma Mijinyawa ne ke ba shi aron shanun huɗa.

Barau ya yi gyaran murya ya ce, "To, ita magana tana da fuska biyu. Kwano dai na Mijinyawa ne, babu mai musu. Ke kuma, Tasalla, haƙuri aka san mace da shi. Ku bari damina ta zauna, ruwa zai ishi kowa."

"Ranka ya daɗe, in damina ta zauna me zan dasa? Haƙurin?"

Wasu suka sunkuyar da kai don kada a ga dariyarsu. Mijinyawa ya ce, "Kun ji irin bakin da ƙanena ya zauna da shi."

Wani daga cikin dattawa ya ce ai gangaren gaba yana nan yana zubar da ruwa a hanya a banza, me zai hana Mijinyawa ya yi masa nasa indararon? Mijinyawa ya ce kwano ya yi tsada. Ba na jin zaure ya taɓa jin amsa mai abin kunya irin wannan a garinmu.

Tasalla ta gyara mayafinta ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe, rufi nasa ne. Ina da tambaya biyu. Indararon, wa ya saya?"

"Marigayi Sulle. Wannan kowa shaida ne," in ji Barau.

"Ƙasar da ke ƙarƙashin bakin rufin fa?"

"Gidanki ne."

"Allah ya ƙara girma," in ji ta, ta tashi.

Ta aika ƙauyen Turawa aka kira wanta Jibo. Washegari ya iso da gatari da itatuwa masu gwafa a kan jaki. Daga cikin gidan Tasalla ya kwance wayoyin, ya janyo indararon, bai taɓa ko ƙusa ɗaya ta rufin ba. Ya haƙa ramuka a jere, ya kafa itatuwan, na nesa ya fi tsawo, kowane na biye ya ɗan gaza shi, har zuwa bakin duron tacewa. Ya ɗora indararon a kan gwafannin, dab da bakin kwano don kada ruwa mai ƙarfi ya tsallake shi, amma ba ya taɓa shi. Ya zuba buta guda a can ƙarshe, suka bi ruwan da ido har ya fito ta bututu. Tasalla kuwa ta kwashe yashin duron ta wanke, ta sake gawayi, ta ɗaura sabon buhu.

Mijinyawa ya leƙo ta kan katanga.

"Jibo! Wa ya ba ka izinin taɓa min ɗaki?"

"Sannu da hutawa, Malam Mijinyawa. Zo ka sa hannu tsakani, in ka ji inda ya taɓa ɗakinka, ni da kaina zan sare shi."

"Ruwana ne zai zuba a ciki!"

"To ka hau ka tare shi tun yana sama."

Mijinyawa ya koma wurin Barau a fusace. Barau, wanda ya riga ya faɗi da bakinsa a gaban jama'a cewa indararo na Sulle ne, ƙasa ta Tasalla ce, sai ya ce yana fama da ciwon kai.

Ruwa na biyu bai zo da wuri ba. Kafin ya zo, fangalin gefen rana ya ƙone ƙurmus, na kusa da shi ya tafi rabi. Wannan asara ba fari ne ya jawo ta ba, mutum ne, kuma har yau babu wanda ya ce masa ya biya ko ya ba da haƙuri. Ranar da hadarin ya sauko da hantsi, Tasalla ta tsaya cikin ruwa da bututu a hannu, ta bar jan ruwan ya bi ƙasa duk da ƙishin da lambunta yake yi, sai da ya washe ta mayar da shi bakin duro. Ya ratsa yashi da gawayi da tsakuwa, aka fara jin saukarsa a gindin tanki.

Abin da ya rage na irin ya miƙe. Bai kai ta ba kowa dashe a shekarar ba, don haka hatsin da ta saba samu daga maƙwabta bai shigo ba. Amma ya ishi gonarta. Da damina ta zauna, ita da Jibo suka dasa shi kunya bayan kunya har bakin iyaka.