Hayaƙin Hano a Ɗakin Gloria

Ana jibi bikin ɗiyar fasto muryar Gloria ta dushe, ga shi ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu a Kakangi. Maƙwabciyarta Furera ta ji tana magana kamar ana goga tukunya, sai ta kwance bakin zane ta ba ta ƙwayoyin ƙaron itacen hano.

"Ki riƙa taunawa. Da ɗaci da farko, amma zai yi laushi kamar cingam. Kakata da shi take gyara maƙogwaro."

Gloria ta tauna, yawu ya taru, kaushin ya ɗan ragu. Da a nan aka tsaya da lafiya lau.

Amma mijinta Timothy mutum ne da ba a taɓa yin magani a gabansa bai ƙara nasa ba. Tun da shiga daji ya zama kasada ƙaron ya yi wuya, duk da haka ya hau babur har Birnin Gwari ya samo cikin leda a wurin wani mai turare. Da la'asar Gloria ta kishingiɗa, barci ya ɗauke ta. Ya shigo da kasko cike da garwashi, ya watsa ƙaron tafi guda, ya rufe taga, ya ja ƙofa.

Tari ne ya tashe ta. Ɗakin ya yi fari fat, idanunta na zafi, ƙirjinta kamar an ɗaure da igiya. Ta yi shekaru asma ba ta tashi ba har ta manta inda ta ajiye abin shaƙarta. Ta fito da rarrafe, numfashinta na fita kamar usur.

"Koma ciki, Maman Miracle, ciwon ne ke fita!" in ji Timothy.

Ba ta da numfashin zaginsa. Ta dai jefe shi da takalmi.

Furera ta shigo da gudu, ta zaunar da ita a tsakar gida, ta sheƙa wa kaskon ruwa. Da ƙyar aka tono abin shaƙar a ƙasan akwati. Gloria ta ja, ta sake ja, ƙirjin ya ɗan saki, amma sai da aka kai ta asibitin garin. Ma'aikaciyar jinya ta ce mai asma da hayaƙi ba su haɗuwa, ko na turare ne.

"Ai na gargajiya ne," in ji Timothy. "Ba kemikal a ciki."

"Baban Miracle," Gloria ta ce a hankali, "taunawa aka ce. Wa ya aike ka?"

"Na ga in kin tauna baki kawai zai samu."

Ranar biki Mary, wata 'yar zumuntarsu, ce ta ba da waƙa, ta ɗauko ta can sama har mata suka kasa kamowa. Gloria na zaune a bencin baya tana cizon yatsa. Timothy ya sunkuyo ya raɗa mata cewa wani ya ba shi labarin wata saiwa.

Ta tashi ta koma wani bencin.