Tela da Buhun Ganye

Tun ranar da nas ta ja fatar idon matarsa ta ce jininta ya yi ƙasa, ga ciki wata bakwai, Tela ya zama ɗan kasuwar la'asar. An ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, an kuma ce kullum tukunya ta ga ganye. Faɗa dai ba ta da wuya. Keken ɗinkinsa kuwa sai ya wuni bai yi ƙara ba.

Shi ya sa yake jira sai masu kayan gwari sun fara naɗe tabarma. A lokacin alayyafo ya yi laushi, ɗauri uku a kuɗin ɗaya. Tumatirin da ya tsage yakan saya a dafa a ranar, amma wanda ya yi fumfuna ko kyauta ba ya karɓa. Kuɓewa idan ta yi arha ya yanka ya shanya. Ganyen bayan kabeji kuwa, wanda ake ɓarewa a zubar, buhu yake cikawa. A gida ya wanke da ruwan gishiri, ya zuba a ƙarshen girki don kada wuta ta cinye amfaninsa.

Ranan nan yana tsugune yana tsince ganye, sai ga takalmin yayansa a gabansa, yana ƙyalli. Yaya mai shagon waya ne a bakin kasuwa, mutum ne da ko tari zai yi sai ya duba wa ke kallo.

"Tashi," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Abincin awaki kake kwasa? Maƙwabtan shagona har suna tambaya wai ƙanena ne."

"Ka ce musu eh, Yaya."

"Zan aiko maka da katan ɗin taliya, ka daina zubar mana da mutunci."

"Na gode, ka aiko, za mu ci. Amma taliya ba ta ƙara jini."

Masu tumatir suka kasa kunne. Ran Tela ya ɓaci ƙwarai, don wata biyu ke nan Yaya bai taka gidansa ya ce yaya jiki ba.

"In ka sake zuwa nan, kada ka ƙara taka shagona," in ji Yaya.

Tela ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa. Bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, yau ma bai ɗaga ba.

"Yaya, jiya matata tana alwala jiri ya kayar da ita. In ta rasu wajen haihuwa, mutuncin naka ne zai shayar da jaririn?"

Yaya ya waiga ya duba wa ke kallo.

Tela ya saɓa buhunsa. Akwai lungun da ya saba bi ta bayan kasuwa. Ya ƙyale shi, ya bi babban titi, ta ƙofar shagon waya, yana gaisawa da kowa.