Kuɗin Hayar Kabarin Doña Casimira

Ran Litinin wa'adin kabarin Doña Casimira zai cika. A maƙabartar garin haya ake ba da ramukan da ke jikin bango, wanda kuwa bai sabunta tasa ba sai a fasa murfin, a kwashe ƙasusuwan a buhu, a zuba su ramin gayya inda babu suna. Sol dubu ɗaya da ɗari biyar ake nema, a kuɗin ƙasar. 'Ya'yan marigayiyar sun daɗe da haɗa kuɗin, suka damƙa wa autansu Fulgencio, direban babur mai ƙafa uku, don shi kaɗai ya rage a garinsu, Chiclayo. Fulgencio ya kai kuɗin shagon caca kaɗan-kaɗan har suka ƙare. Ba wanda ya sace masa, ba wanda ya yaudare shi. Da ƙafarsa ya je.

Ran Asabar ya tsaya wurin Don Teófilo, mai sayar da kifi da lemon tsami a ƙofar shagon, wanda ke ba 'yan caca rance idan ya ga dama.

"Ɗari biyu, Don Teo. Zuwa gobe da yamma."

"Kai ɗin? Na ba ka ɗari biyu na ga me, ƙurar babur ɗinka?"

"Na kabarin mama ne."

Tsohon ya daina yankan albasa, ya dube shi sama da ƙasa. "Matar da ta sha ba ni abinci bashi. To, zan ba ka. Amma tikitin a aljihuna zai kwana, ba a naka ba."

Wasannin ƙwallo huɗu Fulgencio ya haɗa a tikiti guda, irin haɗin da idan ɗaya ya faɗi duka sun faɗi. Na farko ninkinsa 1.50, na biyu 1.80, na uku 2.10, na huɗu 1.40. Yesenia, yarinyar da ke zaune bayan gilashi, ta buga ta miƙo takardar. Idonsa ya sauka kan lambar da ke ƙasan takardar, 1,587.60. Ta haura abin da yake nema, daga nan bai ƙara karanta komai ba.

Wasa biyu suka zo masa daidai tun ran Asabar ɗin. Ran Lahadi da rana ya zauna kan kujerar roba a shagon, cikin warin gumi da ihun maza, ya kalli na uku. Ƙungiyarsa ta zura ƙwallo ana dab da tashi. Wani ƙato ya daki kafaɗarsa.

"Kai, Fulgencio, ka mutu ne? Yi ihu mana!"

Bai yi ba. Ya daɗe da daina jin daɗin ci, haka ma zafin faɗuwa. Yana kallon allon ne kamar yadda yake kallon jar fitila a mararraba. Na huɗu ya zo ya wuce ba wani tashin hankali, biyu da nema.

Don Teófilo ya shigo yana goge hannu a jikin rigarsa, ya ciro tikitin ya tura ta ƙasan gilashi.

"Lissafa mana a fili, 'yar nan, kar a ce tsoho ya cuci maraya."

"Marayan da ya fara furfura?" in ji Yesenia. Ta jawo na'urar lissafi. "Ɗari biyu sau ɗaya da rabi, ɗari uku. Ɗari ukun nan gaba ɗaya su suka hau wasa na biyu, sau 1.80, ɗari biyar da arba'in. Sau 2.10, dubu ɗaya da ɗari da talatin da huɗu. Sau 1.40, dubu ɗaya da ɗari biyar da tamanin da bakwai da santimo sittin. Ga su nan, ku ƙirga."

Tsohon ya lashi yatsa ya ƙirga, ya zare takardu biyu na ɗari-ɗari ya sa a aljihu, ya tura wa Fulgencio sauran.

Fulgencio ya ƙirga nasa. Ya sake ƙirgawa.

"Ba su cika ba."

"Me bai cika ba?"

"Takarda ta ce dubu ɗaya da ɗari biyar da tamanin da bakwai."

"Abin da aka biya ke nan, Don Fulgencio," in ji Yesenia, idonta na kan mai bi masa a layi. "Har da uwar kuɗin a ciki. Ribarka dubu ɗaya da ɗari uku da tamanin da bakwai da santimo sittin. Kullum haka yake, ba yau ka fara ba."

Gaskiya ta faɗa, ba yau ya fara ba. Sai dai a da, kuɗin da yake zubawa ba mai tsayawa a kansa ya ce a maido, don haka bai taɓa raba uwa da riba ba. Mutumin da ya saba cin amanar da ba ta magana haka lissafinsa yake lalacewa.

"Don Teo, bar mini su zuwa Juma'a."

"Ko zuwa anjima ba zan bari ba. Gobe da asuba mai kifi zai tsaya mini a kai, shi kuma bai san Doña Casimira ba. Ka ga ko ruwa ban ɗora maka ba, don darajarta. Kar ka sa na yi da-na-sani."

Saura ɗari da goma sha biyu da santimo arba'in. Babur ɗin ba nasa ba ne, kuma abin da yake samu a yini bai cika wuce kuɗin mai da na mai babur ba. Duk wanda zai iya ba shi rance a unguwar ya riga ya ba shi. Ya fito ya zauna a bayan babur ɗin, inda fasinja ke zama, kuɗin na kan cinyarsa. Rana ta yi sanyi, ƙudaje na bin kwanon kifin Don Teófilo. Ya jima a haka, ba tunani yake yi ba, zaune kawai yake. Daga bisani ya ciro waya ya kira babbar yayarsu Eudocia, mai sayar da dafaffiyar masara a bakin tasha a Lima, babban birnin ƙasar.

"Auta! Ka biya? Jiya na yi mafarkin mama, tana ta faɗa wai an bar mata ƙofa a buɗe."

"Gobe zan je, Yaya. Sun ƙara kuɗin."

"Sun ƙara? Ɓarayin banza! Matattu ma ba a bar su sun huta ba. Nawa?"

"Ɗari da ashirin."

Yana jin ƙarar motoci ta wayar, da muryar wani yana tambayar nawa ne masara.

"Na maganin ƙafata ne, amma ba komai, ƙafa ta jira wata mai zuwa. Yanzu zan tura maka ta waya. Kar ka gaya wa sauran, za su ce ina nuna na fi su."

"To, Yaya."

"Allah ya yi maka albarka, Auta. Mu duk mun watse mun bar ka da wahalar. Ka saya mata furanni idan da canji, farare take so."

"To."

Wayar ta yi ƙara kafin ya mayar da ita aljihu, kuɗin sun shigo. Washegari ya bi layi a ofishin maƙabarta, ya biya dubu ɗaya da ɗari biyar, aka buga masa hatimi. Da canjin ya sayi fararen furanni 'yan ƙanana a bakin ƙofa, ya ari tsani ya hau zuwa jeri na biyar, ya cusa su a gwangwanin da ke jikin murfin. Ya ɗauki hoto ya tura wa Eudocia, ya sauko ya mayar da tsanin inda ya ɗauko shi.