Littafin Kawu Shu'ibu

Malamin dokar kamfanoni ya faɗa tun ranar farko a jami'a: sabon bugun littafin kwas ɗin yake so. Amma da Bushira ta zo hutu Haɗeja, sai ta yi kuskuren faɗar haka a gaban Kawu Shu'ibu, yayan mahaifiyarta, wanda ya yi digiri tun tana ciki kuma har yau unguwa ba ta huta da labarin ba.

Ya shiga ɗaka ya fito da nasa, bangon littafin ya kumbura saboda ambaliyar da ta taɓa cin ɗakin.

"Ungo. Da shi na ci jarrabawa. Littattafan da kakanki ya yi karatun zaure da su, kin taɓa jin an ce sun tsufa? Ilimi ne zai lalace kamar kifi?"

To wa zai mayar wa kawu kyauta? Bushira ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba, don kwas ne na dole, wanda ya faɗi sai ya maimaita baɗi tare da ƙannensa. Ta sa ƙawarta Amira ta turo mata hoton jerin babi na sabon bugu. Ta gwada: sunayen babi iri ɗaya, lambar shafi ce kawai ta gusa. Shi ke nan, bincike ya ƙare! Gabatarwar da marubuci ya bayyana abin da ya canza kuwa, wa ke karanta gabatarwa?

Ta haddace littafin tas, har da layukan da Kawu ya ja da jan biro. Lacca ma ta rage zuwa, tunda ilimin na cikin jakarta.

Ranar jarrabawa tambayar dole ta fito: shin mutum ɗaya zai iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, ba sakatare? Bushira ta yi murmushi. Ta cika shafi da hujjar cewa sai mutum biyu, kuma sakatare wajibi ne, har tana tausayin masu zufa a gefenta. Ashe dokar da ta haddace an soke ta tun 2020, aka kawo sabuwa da ta halatta duka biyun. Sakamako ya fito, ta faɗi warwas.

Ta dawo gida ranta a ɓace, ta sami Kawu a zaure ta gaya masa.

"Af, wannan ai tsohon labari ne," in ji shi. "Ni ma kamfanina na busasshen kifi ni kaɗai na yi masa rajista bara."

"Kawu, kun sani? Kuka ba ni littafin?"

"Wancan kasuwa ce, 'yata, wannan kuwa ilimi ne." Ya miƙo hannu. "Kawo shi in adana. Ƙaninki Nu'uman ma kwas ɗin zai yi baɗi, kya nuna masa wuraren da na ja layi, tunda aji ɗaya za ku zauna."