Kalma Goma Sha Huɗu a Cikin Sakan Casa'in

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, kuma ni ba mai yawan magana ba ce ko a gida. Amma littafin da na yi lissafin a ciki yana da sauran shafuka, shi ya sa na ci gaba daga inda lambobin suka ƙare.

Sunana Kausar, a Maska nake. Mijina Manu ya rasu bara bayan kaka. Ya zuba wakensa a buhu, ya sa ƙwayar nan ta kashe ƙwari, ya jera buhunan a ɗakin zaure. Ya kwana a can don gudun ɓarayi, ya rufe ƙofa da taga saboda sanyi. A asibiti aka ce iskar da ƙwayar take fitarwa ce. Na yi takaba na gama, na koma gidanmu. Ina cin abinci, ina shara, ina amsa gaisuwa. Ba na jin komai sosai.

Yaya Almustapha ɗan baffana ne, yana da shagon haɗa bidiyo a Funtua. Ya taɓa jin saƙon murya da na tura wa matarsa, ya ce muryata a fili take. Wata ƙungiyar manoma ta ba shi aikin bidiyo mai zane kan yadda ake adana wake, suna son muryar mace. Inna ta ce in tafi, ko ba komai na sha iska.

Na hau mashin ranar Talata da safe. A bayan shagon akwai wani ɗan lungu da ya manna wa barguna a bango don kada ƙarar keke-napep ta shiga. Nan na tarar da Anti Yetunde, ma'aikaciyar ƙungiyar. A Funtua aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu.

"Ke ce mai muryar? Ai ban ji ta ba tukuna," in ji ta.

"Ina kwana, Anti."

"Yawwa, ga ta nan. Almustapha, ka kai makirufon har cikin hijabin."

Ta yi mini bayani. Sakan casa'in tashar talabijin ta ba su, minti ɗaya da rabi, ba ƙari. An riga an gama zanen a kan haka. An rubuta maganar da Turanci, kalma ɗari biyu da ashirin, don an ce mai karanta Turanci yakan yi ɗari da hamsin a minti. Yaya ya mai da ita Hausa. Aka ba ni takarda, ya danna agogon wayarsa, na karanta.

Minti biyu da sakan ashirin da biyar.

"Kausar, wa'azi kike yi mana?" in ji Yaya.

"Kai ne ka yi wa'azin," in ji Anti. "Duba kwamfutarka, kalma nawa ka rubuta?"

Ɗari biyu da tamanin da ɗaya ce. Ya sosa kai ya ce haka Hausa take, abin da Bature zai faɗa da kalma uku sai mu bi ta kasuwa kafin mu iso. Ya ce zai iya ƙara wa muryar gudu a kwamfuta. Ya gwada, na ji kaina ina magana kamar mai tallar maganin basir a tasha. Anti ta ce ya kashe, babu manomin da zai tsinci komai a ciki.

Sai ta ce a bar ƙa'idar Turanci, a auna bakina. Ta ƙirga kalma ɗari daga takardar ta ja layi. Na karanta sau uku, yadda zan yi wa Inna bayani. Na farko sakan hamsin da ɗaya, na biyu arba'in da tara, na uku hamsin. Ta ce to, kalma biyu ke nan a kowane sakan.

Ta ɗauki biro ta rubuta casa'in. Kiɗan buɗewa ya ci huɗu, tambarin ƙungiya a ƙarshe ya ci shida, saura tamanin. Zanen yana sauyawa sau shida, kowane sauyi a yi shiru na sakan ɗaya don ido ya riski abin da aka nuna. Saura saba'in da huɗu. Sau biyu, ɗari da arba'in da takwas. Na kwafe lambobin a littafina, ban san dalili ba. Hannuna ne yake son abin yi.

Yaya ya zauna yana yanka. Shi jimla yake ɗaukewa ɗungurungum, ya duba lambar da kwamfuta take nunawa a ƙasa, ya sake ɗauke wata. Bayan azahar ya ce ta yi daidai. Na koma lungun na karanta. Da ya ɗora muryar a kan zanen, sai ta kai casa'in da takwas.

Muka tsaya muna kallon layin muryata a allo, kamar kunyoyin gona. Anti ce ta gano. Lambar wayar ƙungiya kwamfuta ta ƙirga a kalma ɗaya, alhali a baki lamba goma sha ɗaya ce, ɗaya bayan ɗaya. Ta ci sakan shida fiye da lissafi. Yaya ya ce a bar ta a rubuce kawai. Anti ta ce shugabansu, Alhaji Maitama, ya hana. Bayan talabijin, ta waya ma za a rarraba bidiyon, kuma rabin masu ji ba kallo suke yi ba, wayar tana aljihu suna aiki.

"Sauran biyun fa?" in ji ta.

Ya nuna wani wuri da yatsa. "Nan ne. Kalma goma sha huɗu ce, sakan bakwai ya kamata, ta ci tara. In na cire ta mun dawo tamanin da tara, shi ke nan."

Ya karanto jimlar a bayyane. "Kada a kwana a ɗakin da aka ajiye hatsi mai ƙwaya, ko dare ɗaya."

Sai da ya kai ƙarshe ya tuna da rasuwar Manu. Ya dube ni ya kawar da kai. Ya ce ai akwai hoton, mutum a kan gado an ja masa jan layi, kowa zai gane. Kuma bidiyon kan buhu mai leda ne wanda ba ya buƙatar ƙwaya, wannan gargaɗi ne kawai a gefe. Gobe da sha biyu za a kai wa tashar.

Ban ji haushi ba. Na ji dai bakina yana cewa, "Manu a aljihu yake sa waya."

Injin wani mai walda yana ta kuka a waje. Anti ba ta san labarin ba, amma ta dubi Yaya, ta dube ni, ba ta tambaya ba.

"Sakan takwas muke nema, Kausar," in ji ta a hankali. "Kalma goma sha shida. In kin samo su a wani wuri ba tare da an rasa bayani ba, jimlar tana nan. In ba ki samo ba, ni ma ba ni da yadda zan yi."

Na naɗe takardar na koma Maska.

Bayan la'asar na zauna a tsakar gida da faifai biyu da ɗan wake a gwangwani. Ba na iya riƙe lissafi a ka. Kowace kalma na cire, sai in ɗauki ƙwayar wake ɗaya in sa a faifai na biyu. Inna tana tankaɗe a gefe.

"Waken nan na dafawa ne ko na duba?"

"Na aiki ne, Inna."

"To, Allah ya ba da sa'a. In kin gama ki mayar mini."

Jimlolin da za a iya cirewa sun ƙare, duk wadda ta rage ana buƙatarta. Sai na shiga cikinsu. An rubuta, "Ya kamata manomi ya tabbatar da cewa ya shanya wakensa ya bushe sarai." Babu mai magana haka a gidanmu. Na rubuta, "A shanya wake ya bushe sarai." Wake bakwai. A gaisuwar farko akwai sallama, sannan "barkanmu da kaka." Na bar sallamar, na cire sauran. Goma.

Na daɗe a kan goma. Na karanta wa Inna takardar gaba ɗaya, tana ji tana tankaɗe. Da na zo sunan ƙungiyar a karo na biyu, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Manoman Wake da Masara ta Kudancin Katsina, ta ce, "Ba yanzu kika faɗi wannan ba?" Na soke, na sa "ƙungiyarku." Kalma tara ta koma ɗaya. Wake goma sha takwas a faifai.

Na kira Anti da wayar Inna. Ta ce, "Sunan ƙungiyar Alhaji kika taɓa? Yarinya, ba ki da tsoro." Ta ce in jira. Kafin magariba ta kira. Ta ce ya yi faɗa, ta ce masa sunan yana farko, yana kuma kan tambari sakan shida cur, sannan ta karanta masa jimlar da ake son cirewa. Sai ya ce a yi yadda ya dace.

Na gwada karanta jimlar da sauri, ko za ta koma bakwai. Sau biyar ina aunawa da agogon wayar. Kullum tara. Ba kuka nake yi ba, muryata ba ta rawa. Bakina ne kawai yake tsayawa kafin "ko dare ɗaya." Na bar shi haka, tunda wake ya isa.

Washegari na yi shara, na mayar wa Inna wakenta, na hau mashin na farko. Yaya yana buɗe shago na isa. Ya ce, "Ƙanwata, jiya ban kyauta ba." Na ce ba komai, na miƙa masa takardar. Ya ƙirga da yatsa, ya ƙirga lambar wayar ɗaya-ɗaya wannan karon, ya gyaɗa kai.

Na shiga tsakanin bargunan. Ya ɗaga hannu, na fara. Na yi shiru sau shida inda aka ja layi. Na faɗi jimlar, na tsaya inda bakina yake tsayawa, na wuce zuwa lambar waya. Ya ɗora a kan zanen muka kalla tare, Anti tana tsaye a bayanmu da jakarta a kafaɗa. Mutumin kan gado ya fito daidai lokacin da na ce "kada a kwana."

"Tamanin da tara," in ji Yaya.

Anti ta ce in zauna a sayo shayi. Na ce Inna tana jirana da surfe. Na rubuta tamanin da tara a ƙasan sauran lambobin, na sa littafin a jaka, na fita neman mashin ɗin Maska.