Tukunya Biyu

Gorar ruwa, lema mai karyayyen haƙarƙari, kuɗin motar komawa a bakin zane, da ƙulli biyu na zinare. Abin da suka ɗauko ke nan. Babban ƙullin yana cikin safar Auta, ƙaramin yana jikin yayarsa, inda ba mai kai hannu.

Motar ta yi nisa, ƙafafunta sun yi tsami, Auta bai daina duba waya ba.

"Yaya, kin gani? Ya ƙara hawa. Giram arba'in muke da shi. Ki buga da wannan farashin ki ji."

"Rage murya. Ba mu kaɗai ba ne a motar."

Shi rami yake shiga. Ya faso dutse, ya kai injin niƙa, ya kama zinaren da zaiba, ya ƙona, ya sami wani dunƙule mai huji-huji kamar soso. Ita a rafi take wuni, tana juya ƙasa a tasa har 'yan ƙwayoyi su kwanta a gindi. Tun rasuwar mijinta suke haɗa abin da suka samu su sayar tare, a raba bisa nauyi. Wannan karon nasa giram talatin, nata goma. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan nata, kamar kullum. Ta daɗe tana son sayen katakon wankin zinare mai kafet, don ta daina sunkuyon da ke cin bayanta, amma kasonta bai taɓa isa ba.

Da can dillalin da ke zuwa bakin ramuka suke sayar wa, wanda ake kira Sai-Haƙuri saboda da kalmar yake rufe kowane ciniki. Kusan rabin abin da waya ke nunawa yake biya, bai damu da na rami ko na rafi ba. Auta ya ce sata ce da rana tsaka, ya rantse sai sun kai kayansu birni da ƙafarsu.

Shagon yana bayan layin masu gyaran agogo. Ƙofar ƙarfe ce, sai an leƙo ka ta wata 'yar taga a buɗe. A ciki akwai benci, fanka, da kanta mai gilashi. Mai shagon siriri ne, tabarau a goshi. Ta ƙofar baya ana hango wani tsoho a tsakar gida, zaune kusa da tulun gas.

Auta ya kwance safa, ya ajiye nasa. Ita ta juya baya ta ciro nata. Kafin mai shago ya ce komai Auta ya tura masa waya.

"Maigida, mu fa mun san farashi."

Mai shago ya kalli wayar, ya mayar masa.

"Na ga farashin. Na zinaren da aka tace ne tas, karat ashirin da huɗu, mai hatimi, yana kwance a banki a wata ƙasa. Shi ka kawo min?"

"Zinare ai zinare ne."

"Shanu ma duk shanu ne, amma ba kuɗinsu ɗaya ba. Sai an narka, sai an gwada, sannan mu yi magana. Baba! Ga aiki."

Tsohon ya shigo yana goge hannu. Ya ɗaga dunƙulen Auta, ya ajiye. Ya buɗe ƙullinta, ya tura yatsa cikin garin, ya kai shi wajen haske.

"Wannan na rafi ne. Ya fi ja. Wancan ya yi fari-fari." Ya dube su. "Tukunya ɗaya ko biyu? Kowace tukunya da ladanta."

"Ɗaya," in ji Auta. "Kayan gida ɗaya ne."

Ba ta taɓa ganin ƙullin biyu a kan farar takarda gefe da gefe ba. A gida a kwano ɗaya suke juyewa. Yanzu ta ga abin da tsohon ya gani.

"Biyu," ta ce.

"Haba Yaya, asarar me za mu yi? Kuɗin tukunya fa ba sadaka ba ne."

"A cire a nawa."

Mai shago ya sauke tabarau kan hanci. "Ni duk ɗaya ne a wurina. Ko an haɗa ko an raba, zinaren da ke ciki ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Ku ne lissafin zai iya canja wa."

Suka bi tsohon tsakar gida, don mai kaya ba ya barin idonsa ya bar kayansa. Ya zuba na Auta a 'yar tukunyar ƙasa, ya barbaɗa wani farin gari mai janye datti, ya kunna wuta.

"Ku koma bayan iska. Hayaƙin zaiba ba ya wa kowa sallama."

Dunƙulen ya yi ja, ya zube, ya zama ruwa mai juyawa. Datti ya taso ya manne a gefe kamar gilashi. Tsohon ya juye, ya tsoma a ruwa, ya ƙwanƙwashe. Abin da ya fito bai kai girman wanda ya shiga ba. Ya ɗauko sabuwar tukunya ya yi wa nata haka.

Sikeli ya ce na Auta giram ashirin da shida.

"Ina huɗu suka tafi?"

"Sun bi iska, wasu sun bi datti," in ji tsohon. "Ragowar zaiba ce da ƙasa. Ka so ka sayar wa maigida hayaƙi ne?"

Nata ya ragu da rabin giram kawai.

Mai shago ya goga kowanne a kan baƙin dutse, ya ɗiga ruwan asid a kan zanen. Zanen Auta ya dushe, nata ya tsaya. Sannan ya ɗora kofin ruwa a sikeli, ya ɗaure dunƙulen da zare, ya saukar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ba. Ya danna kwakuleta.

"Dutse fatar waje kawai yake gani, ruwa ne ke faɗin na ciki. Tsantsar zinare ya ninka ruwa nauyi sau goma sha tara da 'yan kai. Duk abin da aka gauraya masa ya fi shi sauƙi. Naka ya ba ni sha biyar. Karat sha shida ke nan, kashi biyu cikin uku zinare, sauran azurfa."

"Wa ya sa azurfa a ciki? Wallahi ban sa komai ba."

"Ban ce ka sa ba. Haka dutsen ramin ku yake haifarsa."

"To ku biya azurfar."

"Kuɗin raba ta da zinaren sai ya cinye ta."

Ya yi wa nata gwajin. Sha takwas. Karat ashirin da biyu.

"Rafi ya riga ya yi miki rabin aikin, Inna. Zinaren da ya daɗe a ruwa yakan fi tsabta."

Auta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wai 'yar ƙurar nan? Wadda nake ce mata kuɗin gishiri?"

"A naka akwai tsantsa giram sha bakwai da ɗan ɗori. A nata, kusan tara."

Ba ta yi makaranta mai nisa ba, amma mai sayar da gari ba a koya mata rabo. Sha bakwai da tara. Kashi ɗaya cikin uku nata ne, ba cikin huɗu ba. Ta fara lissafa damunan da suka wuce a kwano ɗaya, sai ta bari.

Auta yana can yana wani yaƙin. "To shi ke nan, a biya tsantsar a farashin waya."

"A kowane ɗari zan ba ka casa'in."

"Goman fa?"

"Matatar zinare za ta karɓi nata. Akwai haraji. Akwai mota da mai gadin da zai raka kayan. Kafin ya isa hannun mai saye farashi na iya faɗuwa, a kaina zai faɗi. Gwajin ruwa kuma ba wahayi ba ne, in an yi na wuta a can aka sami ƙasa da haka, ba zan same ka ba. Sai ribata. Ba don Allah na buɗe shago ba."

"Ashe kai ma Sai-Haƙuri ne, kawai kana da fanka."

"Ban san shi ba. In a bakin rami yake saye ba gwaji, dole ya sa farashin mafi muni. Sauran kuma ya sa a aljihu, tunda ba ku da wajen zuwa. Akwai shaguna uku a layin nan, ku je ku gwada. Ladan tukunya kawai za ku bar min."

Suka je ɗaya. Can aka ce tamanin da takwas. Suka dawo.

Auta ya zauna a benci, wayar tana hannunsa a kashe. Abin da zai shigo bai kai kashi shida cikin goman da ya buga a mota ba. Ya fi na Sai-Haƙuri, amma in aka cire mota da tukunya, fin bai taka kara ya karya ba.

Mai shago ya buɗe aljihun kanta. "In haɗa muku ko in raba?"

"Haɗa," in ji Auta da sauri. Bai dube ta ba. "Kamar yadda muka saba. Yaya, ba lissafi tsakaninmu. Wa ya gyara miki rufi? Wa ke shiga ƙarƙashin ƙasa? Zaiba da injin niƙa daga aljihun wa suke fita? Ɗan'uwa rabin jiki ne."

Duk gaskiya ne. Ita ta goya shi, ta san tabon da ke kafaɗarsa, ta san tarin da yake yi da safe. Ta kuma san cewa in aka raba yau, katakon wanki ya samu. In aka haɗa, sai wata damunar.

"Ka san da wannan bambancin?" ta tambaye shi.

"Ina zan sani? Yau na fara gani, kamar ke."

Ta yarda da shi. Da ya sani, da bai kawo ta nan ba.

Mai shago yana jira, tsohon ya jingina da ƙofar baya yana kallon fanka.

"Haɗa," ta ce. "Na yau na riga na amince tun a gida. A raba huɗu, a cire tukunya ta biyu a nawa."

Auta ya saki numfashi. "Allah ya bar zumunci, Yaya. Tukunyar ma a bar ta, ni zan biya."

"Na ce a nawa."

Aka biya su. Ya tura nasa cikin safa, ta ɗaure nata a inda ƙullin ya fito. Ta nemi tsohon ya faɗa mata kuɗin narkawa in garin bai kai giram goma ba, da ranakun da ba a buɗe shago. Ya faɗa mata. Auta yana ji.

Suka fita cikin rana. Ƙofar ƙarfen ta rufe a bayansu, aka ja sakata.

"Auta," ta ce, tana buɗe lemar. "Wannan ne na ƙarshe. Daga yau kowa da tukunyarsa."