Kifin Keke Na Bakwai

Tsinke ta san ta shiga uku tun kafin ta bar gida ranar Talata. Kifin da ta ɗauko daga wurin aiki ta sa a kwano ya narke, da gari ya waye sai ta same shi kwance cikin wani ruwa ja-ja-ja. Ta danna shi da yatsa, yatsan ya lume, gurbin bai tashi ba. Koren waken da ke gefe kuwa ya yi laƙwas kamar tsumman wanki.

"Umma, wannan kifin kuka ya yi?" in ji 'yarta.

"Wuce ki sa takalminki," ta ce, ta kife kwanon da faranti.

Shekararta tara a ma'aikatar daskarar da kifi da kayan lambu, uku a ciki ita ce shugabar mata masu jera kaya. Sirantakarta ta ja mata suna Tsinke, amma ba wanda ke raina ta, don hannunta ya fi bakin kowa sauri. Ta san aikin ciki da bai. Kifi in ya shiga ɗakin iska, inda manyan fankoki ke hura sanyi mai yanka kunne, cikin awa huɗu yake daskarewa har tsakiya. Ruwan jikinsa ya zama ƙanƙara 'yan mitsi-mitsi kamar garin gishiri, wadda ba ta yi wa tsoka komai. In kuwa sanyin ya shige shi a hankali, ƙanƙarar takan sami sarari ta girma, ta yi tsini kamar allurai, ta tsotse ruwan tsokar ta huhhuda ta. Yana daskare ba ka gane komai, sai ranar da ya narke asiri ke tonuwa. Ita ce ma ke koya wa sababbin ma'aikata wannan karatu, har da ɗaga yatsa.

To, ranar Asabar jiragen kamun kifi suka iso gaba ɗaya kamar an yi musu kiranye. Ga motar koren wake tana jira a bakin ƙofa. Manaja ya leƙo, ya ce kada kifi ko ɗaya ya kwana a waje, ya shige motarsa ya tafi, irin na manya. Ɗakin iska keken ƙarfe na jera kaya goma sha biyu yake ɗauka, da tazara tsakaninsu don iska ta ratsa. Tsinke ta dubi matan, ƙafafunsu duk sun kumbura da tsayuwa, ta dubi ƙanƙarar da ke kan kifin tana zagwanyewa, sai ta sa aka cusa ashirin, keke na gogar keke. Ma'aunin sanyi kuwa, wanda ake sokawa cikin kifi, ta soka shi a keke na ɗaya, na gaban fanka, don nan kaɗai hannu ke kaiwa. Awa huɗu na cika ya nuna digiri goma sha takwas ƙasa da sifili. Aka kwashe kaya, aka zuba a kwalaye masu lambar keke, aka kai ɗakin ajiya. Na tsakiya sun yi tauri a waje, ta taɓa ta ji, ta ce da zuciyarta ai shi ke nan. A ɗakin ajiya kuma iska ba ta gudu, nan cikinsu ya yi ta daskarewa a hankali har kwana biyu. Kifin da ke kwanonta daga wani fasasshen kwalin keke na takwas ya fito.

Yau kuma mai duba kaya za ta zo daga kamfanin da ya sayi kifin.

A bakin ɗakin inji ta tarar da Kawu yana goge hannu da tsumma. Ƙanen mahaifiyarta ne, shi ya kawo ta aikin nan lokacin da mijinta ya rasu, shi ya tsaya mata gaban Manaja ya ce a kama shi in ta yi ba daidai ba. Ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya. Bara wata fanka ta tsaya bai ji ba, aka ba shi takardar gargaɗi, aka ce ta biyu ita ce ta sallama.

"Ina kwana, Kawu."

"Lafiya lau, 'yar nan. Me ya sami fuskarki? Ko an ce za a auna ki ne a ga kin ƙara rama?"

Ta yi dariyar yaƙe ta wuce.

Mai duba kaya ta iso da hantsi, dattijuwa ce gajera mai tabarau, ba ta da yawan magana, kuma irin waɗannan su ake tsoro. Ta sa rigar sanyi ta shiga ɗakin ajiya, Manaja na biye yana ta zuba mata labarin ingancin injinansa. Tsinke na bayansu tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Kwalayen keke na ɗaya da na biyu suna nan gaba-gaba, a jere kamar masu jiran gaisuwa. Dattijuwar ta wuce su ko kallo ba ta yi ba. Ta zagaya baya, ta ɗora hannu kan wani kwali.

"Wannan. Da na wake ɗaya daga layin nan."

Tsinke ta ga lambar, bakwai. Duk da sanyin ɗakin sai da gumi ya karyo mata.

A ɗakin gwaji aka sa ledojin kifi da na wake da ke cikin kwalayen a ruwan sanyi mai gudana. Kafin su narke, dattijuwar ta sa aka yanka mata kifi ɗaya da zarto yana daskare, ta ɗauko gilashin ƙara girma ta duƙa a kansa. Ta daɗe. Sannan ta miƙa wa Manaja gilashin.

"Duba tsakiyar. Ka ga yadda take ƙyalli? Ko ba gilashi ana gani."

Da kifin ya narke ta ɗora shi kan sikeli, ta tsiyaye ruwan da ya taru a leda ta auna shi daban. Ta buɗe tsokar, tsokar ta rarrabu da kanta. Ta lanƙwasa wake ɗaya, ya lanƙwasu har kai ya taɓa gindi bai ce ƙas ba.

"Ba ruɓewa ya yi ba," ta ce. "Ba zai kashe kowa ba. Amma in aka dafa shi zai zama kamar soso a baki, mu kuwa ba ma sayar da soso. Kifin nan ya daɗe yana daskarewa."

Fuskar Manaja ta haɗe kamar hadari. Bai ko dubi inda Tsinke take ba. Ya buɗe ƙofa ya ƙwala kira a zo masa da mai inji.

Kawu ya shigo da hularsa a hannu, yana karkato lafiyayyen kunnensa.

"Fanka ta sake tsaya maka ranar Asabar, ko? Ka yi shiru, ka gyara takarda."

"Ranka ya daɗe, inji lafiyarsa ƙalau."

"Lafiyarsa ƙalau, kifin ne ya ga dama ya lalace? Na gaya maka tun bara, ta biyu ba magana."

Kawu ya dubi kifin da ke kan tebur, ya dubi lambar kwalin. Shekara talatin yana aikin nan, kuma ranar Asabar da idonsa ya ga kekunan da aka fito da su. Ya ɗago ya dubi Tsinke sau ɗaya, kallon da bai kai ƙiftawar ido ba, ya mayar da kansa ƙasa.

"To, ranka ya daɗe," ya ce. "Wataƙila kunnen ne."

Nan tsoro ya rufe Tsinke gaba ɗaya. Ta ga 'yarta da kayan makaranta, ta ga kanta tana bin ƙofofin ma'aikatu ana tambayarta dalilin barin inda ta baro. Abin da ake nema daga gare ta kawai ta yi shiru, kuma Kawu ya riga ya share mata hanya. Manaja har ya ɗauko takardar sallama, ya fara laluben biro a aljihu.

"Malama," ta ce, ta matso kusa da dattijuwar. "Malama, in inji ne ya gaza, duka kayan za su taɓu, ko ba haka ba?"

Dattijuwar ta dube ta ta saman tabarau. "Duka. Wani ya fi wani, amma duka."

"Ki ba ni minti biyu."

"'Yar nan," in ji Kawu, "ina ruwanki? Koma bakin aikinki."

Ba ta tsaya ba. Ko rigar sanyi ba ta sa ba ta faɗa ɗakin ajiya, ta rungumo kwalin keke na ɗaya, sanyinsa na cizon hannuwanta. Ta dire shi kan tebur. Aka yanka, dattijuwar ta duƙa da gilashinta. Fuskar yankan fara ce sumul kamar alli, ba ƙyalli ko ɗaya. Aka jira ya narke, jiran da Tsinke ta ji kamar shekara. Ruwan da ya fita bai cika cokali ba. Dattijuwar ta danna tsokar, tsokar ta taso ta koma yadda take.

"Rana ɗaya, ɗaki ɗaya," ta ce. "Injin da ya yi wannan lafiyarsa ƙalau. Iska ce ba ta kai ga wancan ba. Keke nawa aka sa?"

"Ashirin," in ji Tsinke. Ta dafa tebur. "Ni na sa. Ni na soka ma'auni a na gaban fanka. Kawu ba shi da hannu."

Manaja ya kawar da kai. Wataƙila ya tuna abin da ya faɗa ranar Asabar kafin ya shiga mota, amma manya ba su cika tuna irin wannan da ƙarfi ba. Biron dai yana hannunsa, sai ya jawo takardar sallamar ya tambayi Tsinke cikakken sunanta, kamar ba shekara tara yake kiranta ba.

Ta cire farar hula da rigar aiki ta ninke su kan benci. Matan da ke jera kaya suka bi ta da kallo da ta ratsa ta cikinsu. A bakin ƙofa Kawu ya cim mata, yana haki.

"Wa ya aike ki? Ni tsoho ne, na ci zamanina. Ke da yarinya a gabanki."

"Kawu, kai ka ce a kama ka in na yi ba daidai ba. Sai na ga za su kama ka ɗin."

Ya tsaya yana murza hularsa, idanunsa sun kaɗa. Can ya kamo hannuwanta, ya ga inda kwalin ya ƙone mata fata da sanyi, ya fara hura musu iskar bakinsa yadda yake yi mata tana ƙarama.